Ka koyi lissafin lodi kafin ka ajiye sukudireba

*Assalamu alaikum Injiniya. Shekarata 26, shekara biyar ke nan ina aikin wayarin a ƙarƙashin wani oga a Kano. Tun bara yawancin aikinmu ya koma haɗa sola. Ni ke hawa rufi, ni ke ɗaura fanel, ni ke jan waya, amma abin da nake tashi da shi a wuni bai wuce dubu biyar zuwa bakwai ba, wani makon ma kwana uku kacal ake samun aiki. Wani injiniya ne ke zuwa ya zagaya gidan, ya rubuta kayan da za a saya, ya kama gabansa, kuma an ce abin da yake karɓa ya fi kuɗin aikinmu mu uku. An sa mini rana bayan babbar salla. Abokaina suna ta cewa in bar harkar in koyi aikin kwamfuta. Ina da takardar sakandare, lissafina kuma ba laifi. Me zan koya da zai fitar da ni daga aikin wuni?*

*Ƙaninka, daga Kano*

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan aure, ya kai mu lokacin lafiya.

Kada ka bar wuta. Abu ɗaya za ka ɗora a kan abin da hannunka ya riga ya iya, shi ne lissafin lodi: ka shiga gida, ka auna wutar da yake ci dare da rana, ka fitar da girman batir da fanel da inbata da kaurin waya, kuma ka iya kare kowace lamba da ka rubuta in an tsare ka da tambaya. Wannan takardar ita ake biya da tsada, domin mai gida zai zuba miliyoyi a kan abin da aka rubuta a cikinta. In an yi kuskure, batir ya mutu cikin shekara. In an yi daidai, ya yi shekaru bai sake kiran kowa ba. Jan waya kuwa, in ka ƙi zuwa gobe, akwai samari goma a bakin shago da za su je.

Ba na raina aikin kwamfuta. Amma in ka koma can, za ka fara ne daga layin baya, tare da yaran da suka girme ka a harkar da shekaru, kuma shekarunka biyar ba za su ƙara maka ko kwabo ba. A nan kuwa ka san nauyin fanel a kafaɗa, ka san yadda waya take ɗumi in an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, ka san inda ake bi da kebul a cikin silin. Mai digiri da yawa bai san waɗannan ba. Ga kasuwa kuma a buɗe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareto ya gagari mutane, a Afrilun 2024 aka kai yunit ɗin 'yan rukunin A naira 225, sannan duhun da ya rufe yawancin Arewa sama da mako a Oktoban 2024 ya tura har masu jan ƙafa zuwa shagunan sola. An haɗa da yawa cikin gaggawa da ƙiyasin ka, kuma yanzu ne suke fara ba da matsala.

Lissafin bai wuce ninkawa da rabawa ba. Ka riƙe abu ɗaya: yunit ɗin da kake saya a mitar kati, wat dubu ne na tsawon awa ɗaya. Komai za mu mayar da shi yunit.

Ɗauki gida mai ɗaki uku irin wanda kuka saba shiga. Ƙwan fitila goma masu wat 10, awa shida kowace rana, ya ba ka yunit 0.6. Fankar sama uku masu wat 70, awa goma, yunit 2.1. Talabijin da dikodarsa wat 100, awa biyar, rabin yunit. Firiza ba a ninka wat ɗinta da awa 24, saboda kwamfuresa tana tashi tana hutawa. Sai ka saka mata ƙaramar mitar nan da ake sokawa a soket, ka bar ta kwana ɗaya cur, ka dawo ka karanta. Mu ce ta nuna yunit 1.5. Sai injin tura ruwa mai ƙarfin doki ɗaya, wanda yake jan kusan wat 1,000, awa ɗaya a rana, yunit 1. In ka tara, gidan yana cin yunit 5.7 a wuni da kwana.

Yanzu tambayar da masu ƙiyasi ba sa yi: nawa ne daga ciki ake ci bayan rana ta faɗi? Domin shi kaɗai batir zai ɗauka. Fitilu duka da dare ne, 0.6. Fanka awa takwas daga cikin goma, kusan 1.7. Talabijin awa huɗu, 0.4. Firiza wajen 0.8. Injin ruwa kuwa ka ce wa mai gida da azahar za a riƙa kunna shi, lokacin da rana take tsaka, don haka bai shiga ba. Jimilla 3.5. Inbata tana cin nata kason wajen juya wutar batir ta koma ta gida, kusan kashi ɗaya cikin goma, sai ka raba da 0.9, ka samu yunit 3.9. Wannan ne abin da batir zai riƙa bayarwa kowane dare.

Batirin tubula da aka rubuta wa `12V 220Ah`, in ka ninka lambobin biyu, yana ɗauke da wat-awa 2,640, wato yunit 2.6. Amma batirin ruwa ba a kwashe masa fiye da rabi in ana son ya daɗe, saboda haka abin da kake da shi a gaske yunit 1.3 ne. Uku ne za su ba ka 3.9 cif, kuma tunda uku ba sa haɗuwa su ba da bolt 24 ko 48, huɗu za ka rubuta. Ka tuna gidaje nawa irin wannan kuka saka wa guda biyu, don mai gida ya ce kuɗinsa ke nan, oga kuma ya ce za su yi. Guda biyu suna ɗauke da yunit 5.3 gaba ɗaya, ana kwashe musu 3.9 kowane dare, kusan kashi uku cikin huɗu. Watannin farko lafiya lau. Daga nan inbata ta fara kuka ƙarfe huɗun asuba, sai ta koma ƙarfe biyu, sai a ce batirin jabu ne. Sau da yawa batirin ba shi da laifi, aikin biyu aka ba ɗaya. In kuma litiyam za a saya, wanda aka rubuta wa `51.2V 100Ah` yana da yunit 5.1, ana iya cin kashi 80 cikin ɗari, wato 4.1. Zai riƙe gidan, amma da ƙyar, kuma wajibi ne ka gaya wa mai gida cewa ranar da ya ƙaro firiza ta biyu lissafi ya rushe.

Fanel kuma dukkan yunit 5.7 ɗin zai samar, na rana da na dare. Muna da rana a Kano, amma kada hasken awa goma sha biyu ya ruɗe ka. In aka dunƙule shi ya koma cikakkiyar rana mai ƙarfi, bai fi awa biyar zuwa shida ba, kuma a watan Agusta da lokacin hazo yakan sauka. Ni da biyar nake aiki. Sannan fanel ba ya ba da abin da aka rubuta masa a kan rufin kwano: zafi yana rage shi, ƙura tana rage shi, waya da caji suna cin nasu. Ina ɗaukar kashi 70 cikin ɗari. Biyar sau 0.7 ya ba ka 3.5, ka raba wat-awa 5,700 da shi, ka samu wat 1,630 ko kusa da haka. Fanel uku masu wat 550 sun kai 1,650, babu rarar komai, don haka huɗu zan rubuta.

Inbata ba jimillar yini take kallo ba, abin da za a kunna lokaci guda take kallo. A gidan nan in komai na aiki, mu ce firiza na jan wat 150, wat 1,560 ne. Amma injin ruwa a daƙiƙar da yake tashi yana fizgar ninki uku ko fiye na abin da yake ci, firiza ma haka. Shi ya sa inbata mai `2kVA` take ɗaukewa da an taɓa makunnin famfo, alhali a takarda kamar ta isa. Ka kuma duba ko an rubuta `kW` a jikinta, domin wata mai `3.5kVA` wat 2,800 ne ƙarfinta na gaske. Tunda batir huɗu muka samu, ni mai bolt 48 zan zaɓa, saboda dalilin da kai ka fi injiniyan ofis saninsa: wat 3,000 a bolt 24 ya kai amfiya 125, a bolt 48 kuwa rabin haka ne. Ka taɓa kebul ɗin batir mai lamba 16 da aka ɗora wa amfiya 125, ka ji yadda robarsa take laushi.

Akwai wani tarko da nake so ka sani tun yanzu, don shi ne yake raba wanda ya karanta takardar bayan fanel da wanda ya kalle ta kawai. A bayan fanel mai wat 550 za ka ga `Voc` wajen bolt 49.5. Shi ne ƙarfin da yake fitarwa in ba a ɗora masa komai ba. A jikin kwanturola kuma, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanel, za ka ga iyakar abin da take ɗauka, mu ce `150V`. In ka haɗa fanel uku a siris, 148.5 ke nan, sai ka ce ai bai kai ba. To wancan 49.5 ɗin a zafin digiri 25 aka auna shi, kuma fanel in ya yi sanyi bolt ɗinsa hawa yake yi, kusan kashi 0.27 cikin ɗari a kowane digiri. Da safiyar hunturu, ranar da sanyi ya sauka zuwa digiri 12, hasken farko yana bugun fanel mai sanyi, ukun nan za su kai wajen 154. Kwanturolar da ta yi aiki lafiya tun bazara sai a wayi gari a Janairu ta ƙone ko ta ƙi karɓa, kowa ya rasa dalili. Da fanel huɗun nan, biyu-biyu za ka haɗa su a siris, ka haɗe layukan biyu a faralal, bolt ya tsaya wajen 100. Wasu inbatocin kuma masu kwanturola a ciki akasin haka suke, ba sa ma farkawa sai bolt ya haura 120, kuma suna ɗaukar har 450 ko 500. Irin waɗannan huɗun duka a siris suke so. Babu haɗi ɗaya da ya dace da kowace na'ura, jikinta za ka karanta kowane lokaci.

To ta ina kuɗin zai fara shigowa? Ba wanda zai ba ka sabon aikin miliyan biyar don ka ce ka koyi lissafi. Ta gyara za ka shiga, ta gidajen da aka riga aka haɗa suna ba da ciwon kai, waɗanda mai haɗawar ya daina ɗaga waya.

An taɓa kirana wani gida da aka canja batir sau biyu cikin shekara biyu, mai gidan har ya fara ciniki a kan na uku. Na ce ya dakata. Ƙarfe goma sha biyun rana, sama tas babu gajimare, na kashe lodin gidan, na maƙala mita a wayar da ke shiga batir. Amfiya 9 ta nuna, a bolt 27. In ka ninka, wat 240 ne da 'yan kai, daga fanel huɗu da aka ce kowanne wat 300 ne. Ko awa biyar aka yi a haka, yunit ɗaya da ɗan ɗori ne, gidan kuma yana cin sama da uku da dare. Batiran nan tun da aka saka su ba su taɓa ƙoshi ba, kuma batirin ruwa in yana kwana da yunwa, wani farin gishiri ne yake daskarewa a farantansa har ya daina karɓar caji. Na hau rufi. Ƙura ta yi kauri har na rubuta sunana da yatsa, inuwar tankin ruwa ta cinye gefen fanel biyu, sannan na ciro tef na auna. Fanel na zamani, kowace murabba'in mita wajen wat 200 zuwa 220 take bayarwa. Mai wat 550 na gaskiya tsawonsa ya kusa mita 2.3, faɗinsa mita 1.1 da kaɗan. Waɗannan kuwa girmansu bai kai na wat 200 ba, sitika ce kawai aka manna. Aikin awa biyu na yi ban kwance ko noti ɗaya ba, na rubuta masa abin da na gani, ya biya ni da murna, domin na hana shi sayen batir na uku da zai bi 'yan uwansa.

Kayan da na yi wannan da su ba su da yawa, kuma su nake so ka fara tara wa kuɗi kafin kayan lefe su cinye komai. Na farko mita mai baki, wadda ake maƙalawa a waya. Ka kula sosai a nan: yawancin masu araha amfiyar wutar gida kaɗai suke aunawa, ba sa ganin ta batir da fanel. Kafin ka biya, ka tabbata tana da `DC A`, ka sa mai shago ya bari ka gwada ta a kan batirin da ke caji. Na biyu ƙaramar mitar soket da na ambata. Na uku tef da littafi. In da hali ka ƙara abin gwada ruwan batir, domin in ɗaki ɗaya cikin shida ya bambanta da sauran sosai, ka gano batirin da yake jan 'yan uwansa ƙasa.

Yadda za ka koya kuwa, makarantarka tana wurin aikin da kake zuwa yanzu. Duk gidan da kuka shiga, ka yi naka lissafin a littafi ba tare da ka ce wa kowa komai ba, sannan ka kwatanta da abin da injiniyan ya rubuta. Inda kuka saɓa, ka nemi dalili. Ka tambaye shi cikin ladabi, yawancinmu muna jin daɗin yaron da ya tambayi dalili. Ka ɗauki hoton bayan kowane fanel da gefen kowace inbata, ka karanta ɗan littafin da ke zuwa cikin kwali maimakon a jefar da shi tare da leda. Bayan wata ɗaya ka koma gidan da izinin mai shi, ka auna abin da ke shiga da azahar, ka tambayi ƙarfe nawa batir yake kaiwa. Wannan komawar ita ce take gyara maka lissafi, don a nan za ka ga ko kashi 70 ɗin da muka ɗauka ya yi daidai da rufin da ke gabanka. In ka yi haka a gida goma sha biyar zuwa ashirin, cikin wata huɗu zuwa shida, za ka iya tsayawa gaban kowane alhaji ka yi bayani ba tare da muryarka ta yi rawa ba.

Takarda tana da ranarta. Cibiyar NAPTIN tana ba da horo a kan haɗa sola, hukumar NEMSA kuma ita ke ba masu aikin wuta shaidar ƙwarewa, kuma ranar da za ka nemi aikin asibiti ko makaranta ko na wata ƙungiya, za a tambaye ka. Amma ka je bayan littafinka ya cika, lokacin da za ka san abin da za ka tambayi malami.

Abu biyu nake jin tsoro a kanka. Na farko, da ka fara rubuta kaya, masu shago za su fara yi maka tayin la'ada in ka kawo musu mai saye. A nan ne masu lissafi da yawa suke lalacewa, su koma rubuta abin da ke shagon mutuminsu. Ka sa wa aunawa da rubutawa kuɗinsu daban, ka faɗa tun kafin ka fara, ko da kaɗan ne da farko. A takardar ka jera kayan da aka yi lissafi a kansu da awannin kowanne, mai gida ya sa hannu, kai ma ka riƙe kwafi. Wata rana za a kira ka ana faɗa wuta ba ta kaiwa asuba, ka je ka tarar da dutsen guga da hitar ruwa waɗanda babu su a takarda. Na biyu, wutar fanel ba ta da wasa. Layin da ya kai bolt 400 yana kisa, kuma in ta kama tartsatsi ba ta sakewa da kanta kamar wutar gida, shi ya sa birekar gida ba ta aiki a wurin, sai wadda aka rubuta wa `DC` da bolt ɗin da ya kai na layin. Kada ka taɓa zare mahaɗin fanel alhali yana ba da wuta. Kuma ka tsaya a gidaje da shaguna tukuna. Aikin masana'anta mai layi uku da manyan injina wani karatu ne daban, in an kawo maka ka nemi wanda ya fi ka ku yi tare.

Ogan naka kada ka ɓoye masa, kada kuma ka zagaya ka karɓi aiki daga mutanensa, garin nan ƙarami ne a harkarmu. Ranar da ka ga lissafinka ya fara dacewa da abin da mita take nunawa, ka same shi shi kaɗai, ka nuna masa littafin, ka ce: "Oga, ƙananan gidajen nan in ka yarda ni zan riƙa auna su, abin da ake ba na waje a raba, ka riƙe wani, ka ba ni wani." Shi ma riba ce gare shi. In ya amince, ka sami inuwar da za ka yi kuskurenka na farko a ƙarƙashinta. In ya ƙi, ka ci gaba da yi masa aikinsa da gaskiya, ranakun da babu fita kuma ka bi gidajen unguwarku da inbatarsu ke kuka da asuba. Ka fara da gidan da kake kwana: ka lissafa duk abin da ke cin wuta a ciki a daren yau, ka turo mini jimillar da yadda ka same ta, zan duba maka.